Wasiƙar da Ke Gaban Rahoto: Yadda Ake Shaida wa Mai Gida Halin da Gidansa Ke Ciki

A ƙarshen watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ya kai maƙura kuma hadari ya fara leƙowa ta gabas, masu kula da gidajen haya ba sa samun zama. Lokacin zagaye ne. A hau tsani a leƙa cikin silin da tocila, a ƙwanƙwasa filasta a ji ko ta saki bango, a buɗe akwatin wuta a shinshina, a zaga bayan gida a duba sokawe. Wanda ya san aikinsa yakan koma ofis da littafi cike da rubutu, wayarsa kuma cike da hotuna, ya kwana biyu yana haɗa rahoto mai shafi ashirin ko fiye.

Sai dai mutumin da aka yi wa wannan wahala ba ya kusa. A ce ɗan kasuwa ne da ke zaune a Fatakwal, yana da bene mai fulat huɗu a Kano wanda rabonsa da shi tun bikin ƙanwarsa. Saƙon zai same shi a waya, tsakanin sallar azahar da komawa shago. Zai ga kan saƙon, ya karanta layi biyar ko shida da allon ya nuna masa, sannan ya yanke shawarar ko abin na yanzu ne ko na wani jiƙon. Rahoton nan mai shafi ashirin yana maƙale a ƙasa, kuma sau da yawa ba za a buɗe shi ba sai ranar da aka samu saɓani. Abin da mai gida yake karantawa da gaske, wanda kuma yake fitar da kuɗi ko ya hana a kansa, shi ne 'yar gajeriyar wasiƙar imel da ta rako rahoton.

Duk da haka, ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Mutum zai ɓata kwana biyu a kan rahoto, ya ba wasiƙar minti ɗaya: “Barka da aiki Alhaji. Ga rahoton duba gida nan a maƙale. Akwai gyare-gyare da dama da ke buƙatar kulawa. Muna jiran umarninka.” Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan, amma kuma babu abin da mai gida zai kama. Wane gyara? Nawa? Zuwa yaushe? Umarnin me ake jira? Wanda aka aika wa irin wannan saƙo ba zai amsa ba, kuma ba don taurin kai ba ne. Ba a tambaye shi komai ba.

A ci gaba da misalin benen nan, domin a ga yadda abin yake a aikace. Alkaluman kuɗin da za su biyo baya na misali ne, an zaɓe su don a ga tsarin lissafin. Mai dubawa ya samu abubuwa goma sha bakwai, daga famfon da ke ɗiga har zuwa ƙofar get da ta sauka tana jan ƙasa. A cikin rahoton ya jera su yadda ya bi gidan, daga get zuwa tsakar gida, daga fulat na ɗaya zuwa na huɗu, sannan rufi da bayan gida. Wannan tsari ya dace da rahoto, domin kafinta ko birkila zai iya riƙe shi ya bi ɗaki ɗaki. Amma idan aka kwafe shi zuwa cikin wasiƙa, ƙofar get ce za ta zo farko, murfin sokawen da ya dare kuma ya zo na goma sha shida, inda idon mai karatu ba zai kai ba.

Wasiƙa tana bin wani ma'auni dabam: me zai faru idan aka jinkirta? Da wannan tambaya ake tankaɗe abubuwa goma sha bakwai su koma kashi uku. Akwai abin da zai iya raunata mutum ko ya kashe shi a wannan mako. Akwai abin da ba ya barazana ga rai, amma zai ninka kuɗinsa idan wani lokaci sananne ya wuce, wanda a ƙasar Hausa kusan kullum damina ce. Sai kuma abin da zai iya jira ba tare da ya ƙara lalacewa ba. Masu binciken gine-gine a Birtaniya, ƙarƙashin ƙungiyarsu ta RICS, sun daɗe da mayar da irin wannan rabo ƙa'ida a rahoton da suke yi wa masu sayen gida. Kowane sashe na gini ana ba shi lamba 1, 2 ko 3, da launin kore, ruwan ɗorawa ko ja: ɗaya ba ya buƙatar gyara yanzu, biyu yana buƙata amma ba da gaggawa ba, uku kuwa babban lahani ne ko abin da dole a gyara ko a bincika cikin hanzari. Suna kuma da alama ta musamman ga wurin da ba su samu dubawa ba. Ba sai an ari launukan ba, amma rabon kansa yana aiki a Hotoro kamar yadda yake aiki a Landan.

A benen misalinmu abu biyu ne suka faɗa kashi na farko. Murfin kankaren sokawe ya tsage daga gefe zuwa gefe, rodin ciki ya fito ya yi tsatsa, kuma a daidai wurin yaran gidan suke buga ƙwallo da yamma. Rodi idan ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya ture kankaren da ke lulluɓe da shi, iskar da ke tasowa daga cikin ramin kuma tana cin murfin ta ƙasa inda ido ba ya gani. Saboda haka murfin da ya nuna rodi a sama yana iya zama ya fi haka lalacewa a ciki. Na biyu shi ne canji-oba na fulat na uku, inda ake sauya wuta tsakanin ta kamfani da ta janareta. Robar da ke jikin wayoyi biyu ta yi baƙi ta ƙandare, akwatin kuma yana warin ƙuna. Wannan alama ce ta ɗaurin da ya saki ko wayar da ta yi wa lodin ƙanƙanta, kuma duk lokacin da aka kunna na'urar sanyaya ɗaki wurin ƙara zafi yake yi.

Abin lura a nan, waɗannan biyun su ne kusan mafi araha a jerin. Mafi tsada shi ne fentin waje, wanda zai ci naira 1,800,000, kuma shi ne abin da mai gida zai fi sha'awar yi, domin shi ake gani daga titi, shi 'yan uwa za su ba shi labari. Idan wasiƙa ta tattara komai ta ce gyaran gida zai ci kusan naira miliyan huɗu, a gidan da hayarsa ta shekara take naira 3,600,000, to an gama magana. Mai gida zai ji gabansa ya faɗi, ya ce a bari sai ya zo. Murfin sokawe na naira dubu ɗari uku ya nutse ke nan a cikin kuɗin fenti. Wannan shi ne babban laifin da wasiƙar rakiya ke iya yi, kuma mutanen kirki ne suke yin sa, da niyyar kada su ɓoye komai.

Ga yadda wasiƙar za ta kasance idan an rubuta ta don a samu amsa. Kan saƙon zai ce: “Gidan bene: gyara biyu na gaggawa, ana neman amincewarka kafin Juma'a.” Sannan jikinta:

“Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Alhaji, da fatan kana lafiya tare da iyali.

“Ranar Talata na duba gidan, ciki da waje. A dunƙule ginin yana da ƙwari, kuma fulat huɗun duk ana zaune a cikinsu lafiya. Amma akwai abu biyu da ba za su jira ba, da ɗaya da ya kamata a gama kafin ruwa ya sauka, da ɗaya da sai injiniya ya gani.

“Na wannan mako: murfin sokawe ya tsage, rodi ya fito, kuma yara suna wasa a kansa. Na sa an kewaye wurin da bulo da katako. Sabon murfi zai ci naira 280,000 zuwa 350,000. Canji-oba na fulat na uku ya fara ƙonewa. Na roƙi mai fulat ɗin ya daina kunna manyan kayan wuta har a gyara. Kuɗinsa naira 120,000 zuwa 150,000.

“Kafin ƙarshen Mayu: kwatar kankaren rufi tana yoyo a kan fulat na huɗu, kwano shida sun huje, silin ɗaki biyu ya jiƙe. Naira 650,000 idan katakon ƙasa yana da kyau, 900,000 idan ya ruɓe. Ba za a sani ba sai an ɗaga kwanon.

“Sai injiniya: akwai tsaga a bangon baya, ƙarƙashin tankin ruwa, faɗinta milimita 7. Ban sa kuɗin gyaranta ba domin ban san sanadinta ba. Kuɗin zuwan injiniya naira 100,000.

“Jimillar abin da nake neman amincewarka a kai: naira 1,150,000 zuwa 1,500,000. Fenti, tayil da get, kimanin naira 2,300,000, za su iya jira har bayan damina, bayaninsu yana shafi na 14 zuwa 19. Farashin na wannan mako ne, masu aikin sun ce za su tsaya a kai kwana goma sha huɗu. Ban samu shiga ɗakin ajiya na fulat na biyu ba, mai shi ya yi tafiya da makulli.

“Ina roƙon ka amsa mini abu biyu kafin Juma'a: in fara gyaran sokawe da na wuta? Kuma a cire kuɗin daga hayar da ke hannuna, ko za ka turo? Cikakken rahoto da takardun farashi suna maƙale. Na gode, Allah ya ƙara arziki.”

Wasiƙar kalmominta kimanin ɗari uku ne, kuma mai gida zai iya amsa ta da kalma biyar yana tsaye a bakin shago. Gaisuwa tana nan, domin ba a faɗa wa dattijo da maganar kuɗi babu sallama, amma layi ɗaya aka ba ta. Jimlar da ta biyo baya ita ce hukuncin mai dubawa a kan gidan gaba ɗaya, kuma tana da amfani fiye da yadda ake zato. Mutumin da ke nesa da dukiyarsa, da zarar ya ga saƙon gyara, abin da ke zuwa masa a rai shi ne gidan ya lalace, ko kuma ana son a ci kuɗinsa. Idan aka fara shaida masa cewa ginin yana da ƙwari, in har gaskiya ne, hankalinsa zai kwanta ya karanta saura. In kuwa ba gaskiya ba ne, to nan ne wurin faɗar hakan ƙarara, ba a shafi na goma sha ɗaya ba.

A kuma lura da abin da mai kula da gidan ya ce ya riga ya yi: ya kewaye ramin, ya gargaɗi ɗan haya. Waɗannan ba sa buƙatar izinin kowa, ba su ci kuɗi ba, kuma su ne bambancin wanda ya ga haɗari ya rubuta da wanda ya ga haɗari ya tare.

Batun kuɗi shi ne inda amana take ƙulluwa ko ta tsinke, don haka ya cancanci a daɗe a kansa. Tsakanin masu gidaje da ejan akwai tsohon zargi, kuma ba a banza ya samo asali ba: an sha ganin gyaran dubu ɗari ya zama dubu ɗari biyu kafin ya isa kunnen mai gida. Mai kula da gida na gari ya san da wannan zargi ake karanta wasiƙarsa, ko da bai taɓa cin sisin kowa ba. Maganinsa kuwa ba rantsuwa ba ce, buɗe lissafi ne. Naira 650,000 na rufin nan, a takardar da ke maƙale, ya kamata a gan shi a warware: kwano 180,000, gyaran kwata da shimfiɗa mata abin hana yoyo 200,000, silin 120,000, ladan masu aiki 150,000. Katako, idan ya zama dole, ƙarin 250,000. Da zarar an raba kuɗin kaya da ladan aiki, mai gida zai iya buga wa wani aboki a kasuwar kayan gini waya ya tambayi farashin kwano, ya ji ya yi daidai. Sau ɗaya zai yi hakan ya samu natsuwa. Idan kuma ofishin yana ɗaukar wani kaso a matsayin ladan sa ido a kan aiki, a rubuta shi a layinsa, da sunansa. Kason da aka bayyana haƙƙi ne, wanda aka cusa a cikin kuɗin siminti kuwa, ranar da aka gano shi, ya shafe duk wata gaskiya da aka taɓa faɗa.

Me ya sa ake ba da kuɗi biyu, na ƙasa da na sama? Domin kiyasi ba farashin da aka yi ciniki ba ne. Amma tazarar tana da sharaɗi: dole a faɗi abin da zai kai kuɗin sama. “Naira 650,000 zuwa 900,000” kawai, ba bayani, mai gida zai karanta shi a matsayin 900,000 da ake jin kunyar faɗa. “650,000 idan katako yana da kyau, 900,000 idan ya ruɓe” kuwa magana ce da za a iya tabbatarwa da hoto ranar da aka ɗaga kwano. Akwai kuma masu rage kiyasi da gangan don a samu amincewa da wuri, da nufin in aiki ya yi nisa a nemi ciko. Dabara ce da ke cin mai ita, domin mai gidan da aka nemi ciko a wurinsa sau biyu ba zai sake yarda da lambar farko ba har abada.

Sai wa'adin farashin. A da ana iya ajiye kiyasi wata uku a dawo a same shi yadda yake. Wanda ya yi gini a farkon 2024 ya san wannan zamani ya wuce. Buhun siminti mai kilo 50, wanda 'yan watanni kafin nan ake saye wajen naira 5,000 zuwa 6,000, ya haura naira 10,000 a kasuwanni da yawa cikin watan Fabrairu, har sai da Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote, BUA da Lafarge aka sanar da farashin naira 7,000 zuwa 8,000. Duk kiyasin da aka rubuta a Disamba ya zama takardar tsire kafin azumin shekarar. Shi ya sa layin nan na “kwana goma sha huɗu” yake da muhimmanci. Yana kare mai rubutu daga zargi, yana kuma shaida wa mai gida cikin ladabi cewa jinkirinsa ma yana da farashi.

Wuri mafi wuya a wasiƙar shi ne inda aka ƙi sa kuɗi. Mai gida yana son lamba, mai kula da gida kuma yana jin nauyin ya ce bai sani ba, birkila yana gefe yana cewa buhu biyu na siminti sun isa a toshe. Amma ba kowace tsaga ce ta filasta ba. Cibiyar binciken gine-gine ta Birtaniya, BRE, tana da ma'aunin da injiniyoyi suke yawan komawa gare shi, a takardarta mai lamba 251: tsagar da ba ta wuce milimita 5 ba galibi matsalar kyan gani ce, a cike a shafe, daga 5 zuwa 15 ta fara taɓa amfanin gini, ƙofofi da tagogi su fara cijewa, ruwa ya samu hanya, daga 15 zuwa 25 babban gyara ne, abin da ya haura 25 kuwa ana maganar tsayuwar ginin kansa. Faɗi ba shi kaɗai ake dubawa ba. Tsagar da ta bi a karkace kamar matakala, ta fi buɗewa a sama, ta kuma fito ta ɗaya gefen bangon, tana nuna wani sashe na ginin yana motsi. A benen misalinmu tana ƙarƙashin tanki mai lita 2,000, wato tan biyu na ruwa idan ya cika, ga kuma sokawe mai yoyo a kusa, wanda zai iya jiƙa ƙasar da harsashin ginin ya zauna a kai. Ko nauyin ne, ko ƙasar ce, ko duka biyun, kuma gyaran kowanne dabam ne, kuɗinsa dabam.

A irin wannan hali mai dubawa ya faɗi abin da ya auna, ya tsaya nan. A Nijeriya ƙwararrun masu kula da kadarori suna da rajista da hukumar ESVARBON, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 24 ta 1975, injiniyoyi kuma da COREN, kuma aikin wannan ba na wancan ba ne. Hukunci a kan ko bango zai ɗauki nauyi na injiniyan gini ne. Abin da mai kula da gida zai iya yi kafin injiniya ya zo shi ne ya ja layi da fensir a ƙarshen tsagar, ya rubuta kwanan wata a gefe, ya ɗauki hoto da ruler a jikinta, ya kuma sa a daina cika tankin. Bayan mako biyu, idan tsagar ta wuce layin, yana da labarin da ya fi kowane hasashe.

Wannan ya kawo mu ga kalmomin da ake zaɓa. “Na gani”, “na auna”, “an gaya mini” da “ina zato” ba abu ɗaya ba ne, kuma wasiƙa mai kyau ba ta cakuɗa su. Idan ɗan haya ya ce ruwa yana zuba a ɗakinsa duk damina, a rubuta cewa shi ya faɗa, sannan a ƙara abin da ido ya gani, wato tabon ruwa a silin. Haka nan a yi hattara da ɗora laifi. Rubuta cewa “'yan haya sun lalata wayar wuta” abu ne mai sauƙi, kuma yana faranta wa mai gida rai, domin yana nufin ba shi zai biya ba. Amma wanda zai biya kowane gyara yarjejeniyar haya ce take faɗa, kuma abin da aka saba shi ne rufi, bango, sokawe da asalin wayoyin gida suna wuyan mai gida, abin da ɗan haya ya fasa da hannunsa kuma yana wuyansa. Idan ana ganin wani abu na ɗan haya ne, a ambaci sakin layin yarjejeniyar da ya ce haka. Jimla ɗaya ta zargi ba hujja tana iya sa a ba magidanci mai 'ya'ya biyar takardar tashi a kan wayar da aka sa tun kafin ya shigo gidan.

Layin da ya ce ba a shiga ɗakin ajiya ba, shi ma ba ado ba ne. Idan gobe aka tarar gara ta cinye wurin, tambayar farko ita ce me ya sa ba a faɗa ba. Wanda ya yi shiru a kan inda bai duba ba, ya bar mai gida da zaton an duba an ga lafiya.

Akwai 'yan abubuwa na na'ura da ke kayar da aiki mai kyau. Gmail ba ya ɗaukar maƙalar da ta haura megabayit 25, kuma hotunan waya sittin suna wuce haka ba wuya, sai ya mayar da su mahaɗin Google Drive wanda mai gida zai iya tarar da shi a kulle. Gara a haɗa komai a PDF guda, a rage nauyin hotunan, a ba shi sunan da za a gane bayan shekara biyu, kamar `Rahoton-gidan-bene-Afrilu.pdf`. Hoto biyu kawai, na murfin sokawe da na wayar da ta ƙone, su ne suka cancanci fitowa a jikin wasiƙar.

Gaskiyar magana kuma, da yawa daga masu gidaje a Kano, Kaduna ko Maraɗi ba sa buɗe imel sai an ce musu su buɗe. WhatsApp suke dubawa, kuma da saƙon murya suke amsawa. Babu laifi a bi su can: a tura gajeren saƙo cewa an aika wasiƙa, ko a kira. Amma idan Alhaji ya ce a waya “to, a yi”, sai a koma a rubuta masa layi biyu: kamar yadda muka yi magana yau, ka amince a yi gyaran sokawe da na wuta a kan abin da bai wuce naira 500,000 ba, daga kuɗin haya. Dalili shi ne “a yi” ba ta faɗi wane aiki ba, ba ta faɗi nawa ba, kuma bayan wata shida kowa zai tuna ta yadda ta yi masa daɗi. Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011, a sashe na 84, ta buɗe ƙofar karɓar bayanan da suka fito daga kwamfuta a kotu idan an cika sharuɗɗanta, don haka imel ba hira ba ce kawai. Amma tun kafin a je ga alƙali, rubutun yana hana a je.

Lamarin ya fi tsanani a gidan gado. Inda gida yake hannun magada takwas, wasiƙar da aka aika wa babban wa shi kaɗai tana iya zama fitina, domin kuɗin gyara daga rabon kowa zai fita, har da na mata da marayun da ba a cika tuntuɓa ba. Tun ranar karɓar gida ya kamata a san wa aka wakilta ya amince da kashe kuɗi, har zuwa nawa, da kuma waɗanda za a riƙa sa wa kwafi. Wasiƙar da ta raba gaggawa da abin da zai jira tana da ƙarin amfani a nan, domin mutum takwas za su iya haɗuwa a kan murfin sokawe cikin yini ɗaya, alhali maganar fenti za ta iya kai su Babbar Sallah.

To idan Juma'a ta zo babu amsa fa? Shiru ba izini ba ne, sai dai idan yarjejeniyar kula da gidan ta ba ejan damar kashe wani adadi a kan gaggawa ba tare da tambaya ba, kuma ejan mai hangen nesa yakan nemi a sa wannan sharaɗi tun farko. In babu shi, ranar Asabar da safe sai a sake rubutawa a ƙarƙashin saƙon farko, kada a buɗe sabo, domin tarihin ya zauna wuri ɗaya. Wannan karon ba a maimaita rufi, ba a ambaci fenti. Layi uku sun isa: murfin sokawe yana nan yadda yake, katakon da aka kewaye shi da shi yara sun fara janyewa, birkila zai iya farawa Litinin idan an amince yau. Sannan a ɗaga waya a kira, bayan la'asar, lokacin da aka san Alhaji ya rage jama'a a shago.